Sukurun ɗaga buhu a injin casa: wanne za a sa, kuma moto mai doki ɗaya zai ja?

Salamu alaikum Injiniya. Ni mai walda ne a Tudun Wadan Gombe. Wani mai injin casar shinkafa ya ba ni aikin tebur da zai riƙa ɗaga buhu biyu zuwa bakin inji, tsayin mita ɗaya. Buhunan kilo 200 ne, teburin kamar kilo 50. Moton da yake da shi an rubuta 0.75 kW da 1400 rpm a jikinsa. Ina da lid-sukuru Tr30x6 da notinsa na tagulla, wani kuma ya ce in sayi bol-sukuru 2505. Wanne zan sa, kuma moton zai ja idan na haɗa su kai tsaye?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe Tr30x6 ɗinka, kada ka sayi komai tukuna. Sai dai kada ka haɗa shi da moton kai tsaye. Ka sa fule biyu da bel da za su rage gudun sau huɗu. Ga lissafin, domin gobe idan an kawo maka wani nauyi ko wani moto ka iya yi da kanka.

Abu na farko da za ka tabbatar shi ne taku, wato nisan da noti ke tafiya idan sukuru ya yi juyi ɗaya cur. Masu sayarwa suna ce masa lid. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ɗaya da tazarar da ke tsakanin haƙorin tiredi da na kusa da shi, alhali ba kullum suke zama ɗaya ba. A Tr30x6 kaurin sandar milimita 30 ne, tazarar haƙora 6, kuma zare ɗaya ne ya nannaɗe ta, saboda haka takun ma 6 ne. Amma akwai Tr30x12(P6), wanda idan ka ɗora rula a jikinsa za ka ga haƙoran nan a milimita 6 kamar naka, sai dai zare biyu ne suke tafiya tare, kowane juyi noti yana yin 12. Kada ka yarda da abin da mai shago ya gaya maka. Ka yi wa sandar alama da alli, ka riƙe notin, ka juya sau goma, ka auna. Idan ya tafi milimita 60, lissafin da ke ƙasa naka ne. Idan ya tafi 120, magana ta canja gaba ɗaya, kuma za ka ga dalili nan gaba.

Da zarar ka san taku, gudu ba shi da wuya: juyi a minti sau taku.

```
v = n × L
v = 1400 × 6 = 8400 mm/min
```

Wato milimita 140 a daƙiƙa, mita ɗaya cikin daƙiƙa 7. A kunne yana da daɗi, amma ka yi tunanin buhu biyu suna tashi da wannan saurin, yaro yana tsaye a gefe, moton kuma ba ya tsayawa nan take idan an kashe. Wannan kaɗai ya isa a rage gudu, tun kafin a zo maganar ƙarfi.

Yanzu ƙarfin juyi, wanda ake aunawa da N·m. Kilo 250 yana danna ƙasa da kusan 2450 N, mu ce 2500 don sauƙi. A juyi ɗaya, sukurun ya ɗaga wannan nauyin milimita 6, wato 0.006 na mita, hannun da ke juyawa kuma ya zagaya da'ira ɗaya, 2π. Da a ce babu guga tsakanin noti da sanda, ƙarfin da ake bukata 2500 sau 0.006 ne a raba da 6.283, abin da zai ba ka 2.4 N·m kacal. To amma guga tana nan, kuma a lid-sukuru ita ce ke cin kaso mafi tsoka. Shi ya sa ake ƙara η a ƙasa, wato kason ƙarfin da ya tsira ya kai ga kaya:

```
T = F × L / (2π × η)
```

Nan ne mafi yawan lissafi ke karkacewa, saboda mutum ya kan sa η yadda ya ga dama. Tana fitowa ne daga abu biyu. Na farko gangaren tiredin. Ka ɗauka ka kwance zagaye ɗaya na zaren ka shimfiɗa shi: tsawonsa π sau kaurin tsakiyar haƙori, wanda a Tr30x6 milimita 27 ne, wato kusan 85, hawansa kuma 6. Tudu ne mai hawa 6 cikin 85, wato 0.071, kusan digiri 4, shi ne λ a lissafin da ke ƙasa. Na biyu shi ne guga. Ƙarfe a kan tagulla da giris, a wurin da ba ya rabuwa da ƙura, ka ɗauki 0.15. Da yake haƙorin yana da ɗan karkata na digiri 15 a kowane gefe, gugar tana ƙaruwa kaɗan zuwa 0.155, wanda ya yi daidai da kusurwar digiri 8.8, ita ce φ.

```
η = tan(λ) / tan(λ + φ)
η = tan(4.05°) / tan(12.9°) ≈ 0.31
T = 2500 × 0.006 / (6.283 × 0.31) ≈ 7.7 N·m
```

Ka duba abin da wannan ke nufi. Cikin kowane kashi goma na ƙarfin da ka zuba wa sukurun, uku ne ke ɗaga shinkafa, bakwai suna zama zafi a cikin noti. Da sabon giris da tiredi mai santsi, guga tana iya sauka zuwa 0.10, η ta hau 0.40, ƙarfin ya sauko wajen 6 N·m. Kada ka gina inji a kan wannan kyakkyawar ranar. Ka gina shi a kan safiyar hunturu, giris ya daskare ya sha ƙura, buhu yana kan tebur, ana son tashi daga tsaye.

Shi kuma moton, ga abin da yake iya bayarwa:

```
T = 9550 × P / n
T = 9550 × 0.75 / 1400 ≈ 5.1 N·m
```

Ana neman 7.7, yana da 5.1. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, idan ka haɗa su kai tsaye ka gwada, mai yiwuwa ya ɗaga, saboda irin wannan moton yana iya ba da fiye da abin da aka rubuta masa na ɗan lokaci. Sai a ce ai ya yi. A gudun 1400 aikin yana neman sama da wat 1100 daga moto mai wat 750, kuma kusan wat 780 na ciki zafi ne a cikin noti da bai fi dunƙulen hannu ba, kamar ka kunna masa ƙaramin dutsen guga. Moton zai riƙa gurnani, jikinsa ya yi zafi, ranar da wuta ta zo ba ƙarfi ya tsaya a tsakiyar hanya da kaya a kai. Ƙarfin juyin irin wannan moton yana bin ƙarfin wuta ne idan aka ninka shi da kansa: idan 230 ta faɗi zuwa 190, kamar yadda kan faru a kan ƙaramin janareta da aka ɗora wa kaya, ƙarfin da zai saura masa kashi 68 ne cikin ɗari.

Sai mu sa fule. Na milimita 75 a kan moto, na 300 a kan sukuru, wato inci uku da inci sha biyu, da bel samfurin A. Sukurun zai juya 350 a minti. Gudun tebur 350 sau 6, milimita 2100 a minti, wato 35 a daƙiƙa, mita ɗaya cikin daƙiƙa 29. Ƙarfin juyi kuma ya ninku huɗu, a cire ɗan abin da bel ke ci, ya zama wajen 19 N·m a kan sukuru. Bukata 7.7, a ƙara ɗan abin da boris ke ci a ce 8.5. Kana da ninki biyu da ɗoriya, kuma ko wuta ta faɗi zuwa 190 akwai saura. Zafin noti ya sauko ƙasa da wat 200, na rabin minti, sannan tebur ya sauko babu kaya ya huta. Idan mai injin ya ce daƙiƙa 29 ta yi masa yawa, ka tambaye shi minti nawa injin casar ke yi kafin ya cinye buhu biyu.

Wannan rarar ƙarfin tana da haɗarinta, kuma gara ka sani tun yanzu. Ka juya lissafin baya: 19 N·m a kan wannan sukurun tana iya turawa da kusan 6200 N, sama da kilo 600, kuma moton da aka tare yana iya ninka hakan kafin ya tsaya. Idan tebur ya kai ƙarshe ba a kashe ba, duk wannan ƙarfin a kan firam da waldarka zai sauka. Bel yana iya sulɓewa ya cece ka, yana iya ƙin sulɓewa. Ka sa makunnin iyaka sama da ƙasa, wanda tebur zai taɓa ya yanke wutar kontakta, ka bar kamar milimita 50 na tiredi bayan kowanne saboda ɗan zarcewar da yake yi. Sannan idan moton na layi ɗaya ne mai kafasitar tashi, sai ya tsaya cak kafin a juya masa hannu. Idan aka danna sauka yana tsakiyar gudu, yana iya ci gaba da hawa abinsa.

Yanzu bol-sukuru. A cikin notinsa ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne ke birgima a kwarin tiredi, su fita ta wata hanya su dawo farko, saboda haka babu goga ƙarfe da ƙarfe. η ɗinsa tana wajen 0.9. Lambar 2505 tana nufin kauri 25, taku 5.

```
T = 2500 × 0.005 / (6.283 × 0.9) ≈ 2.2 N·m
v = 1400 × 5 = 7000 mm/min
```

Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba. Ƙarfin da ake bukata bai kai kashi ɗaya cikin uku na lid-sukuru ba, moton zai ja shi kai tsaye ko gezau, kuma notin ba zai ɗau zafi ba. A injin sassaƙa katako ko na yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta, inda ake kai da komo yini guda kuma ake son daidaito na abin da bai kai gashin kai ba, shi ne sarki. Amma aikinka ɗagawa ne, kuma a ɗagawa tambayar da ta fi kowace ita ce: me zai faru idan aka ɗauke wuta buhu yana sama?

Koma kan tudun nan da muka shimfiɗa. Nauyi yana zaune a kan gangare mai digiri 4, guga kuma tana iya riƙe shi har gangaren ya kai digiri 8.8. Tun da gangaren bai kai ba, nauyin ba zai iya juya sukurun da kansa ba. Hasali ma, ko saukowa kake so ya yi da cikakken kaya, sai moto ya tura da kusan 2.8 N·m. Wato gugar nan da ta cinye maka kashi bakwai cikin goma ita ce birkinka, kuma kyauta. An ɗauke wuta, tebur ya tsaya inda yake. Bel ya tsinke, ya tsaya inda yake. A bol-sukuru babu wannan. Kilo 250 za su juya sandar da ƙarfin da ya kai 1.6 zuwa 1.8 N·m, moton da ba wuta ba shi da abin da zai tare da shi, tebur zai taho ƙasa yana ƙara gudu. Dole sai an sa birki irin wanda sifirin ke damƙewa idan wuta ta yanke. Kuma idan akwai bel a tsakani, birkin a kan sandar sukuru ya kamata ya zauna, don birkin da ke kan moto ba ya da amfani ranar da bel ya tsinke. Ka haɗa kuɗin sukurun da na gidajen boris ɗinsa, BK da BF, da na birki, za ka ga an sayi matsala da tsada.

A nan ne maganar juyi goma ta dawo. Da sukurunka mai zare biyu ne, taku 12, gangarensa digiri 8 ne. Da busasshen giris zai riƙe da ƙyar. Ranar da aka shafa masa sabo, guga ta sauka zuwa kusan digiri 6, sai ya zame. Irin wannan shi ne mafi muni, saboda ya riƙe a gwaji, kowa ya saki jiki. Ko naka mai taku 6 ɗin, riƙonsa ba rantsuwa ba ne. Girgiza tana rage guga, injin casa kuma girgiza ce sana'arsa. Idan firam ɗin yana jingine da injin, tebur yana iya sulalowa kaɗan-kaɗan. Ka raba ƙafafunsu, ka yi ƙugiya ko sandar tokare da za a sa idan za a bar kaya a sama, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin tebur don share ɓuntu ba tare da an tokare ba.

Abu na biyu da ke kashe bol-sukuru a irin wurinka shi ne ƙura. Ɓuntun shinkafa yana da kaifi kamar yashi, don akwai sinadarin yashi a cikinsa. Idan ya shiga tsakanin ƙwallaye da kwarinsu, sai ka ji notin yana ɗan tsalle-tsalle a hannu, daga nan hanyar dawowar ƙwallayen ta toshe. Ba a gyara shi a bakin titi. Notin tagulla shi ma ƙurar tana cinsa, amma a hankali, yana nuna alama, kuma duk mai injin lez da ya iya yanka tiredi zai fiƙe maka sabo. Idan wata rana bol-sukuru ya shigo hannunka, kada ka zare notin daga sanda haka kawai, ƙwallayen za su zube. Ana zura bututu mai kaurin gindin tiredi a bakin sandar, a murɗo notin ya hau kansa.

Wani zai ce maka me ya sa ba za a yi da rodi mai tiredi na shagon kayan gini ba, M30, tun da yana da arha. Takunsa 3.5 ne, haƙorinsa mai tsini, an yi shi ne don a ɗaure a bari. η ɗinsa ba ta kai 0.2 ba, kuma ƙarfe ne a kan ƙarfe, wanda idan ya yi zafi yana kama juna ya yage.

Saura yadda za ka tsayar da sandar, kuma nan ne lissafi mai kyau ke lalacewa a hannun mai haɗawa. Don tebur ya yi mita ɗaya, tsakanin boris na sama da na ƙasa zai kai milimita 1300. Doguwar sanda siririya idan aka danna ta daga sama tana gantsarewa gefe tun kafin ƙarfenta ya gaji, kamar karan dawa da aka dogara a kai. Abin da ake lissafi da shi gindin tiredi ne, milimita 23 a Tr30x6, ba 30 ba. Idan duka bakunan biyu suna cikin boris, za ta gantsare a wajen 16,800 N, kusan ninki bakwai na kayanka, lafiya lau. Idan ka bar bakin sama a sake ba boris, adadin ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wajen 4,200 N. Ka tuna motonka yana iya turawa da 6200. Kauri kuma yana da tasiri fiye da yadda ido ke gani: Tr20x4, mai gindi 15.5, a tsawon nan da boris sama da ƙasa, 3,500 N kawai zai ɗauka.

Hanyar da ta fi ita ce kada ka danna sandar ko kaɗan, ka rataye ta. Ka sa boris mai ɗaukar nauyin tsaye a sama, a kan ƙarfen da ya gicciya saman firam, nauyin tebur ya riƙa jan sandar ƙasa. Sandar da ake ja ba ta gantsarewa. A fiƙe bakin sama ya koma milimita 20, ya ratsa boris 6204 da zai riƙe shi a tsakiya, sannan boris mai ɗaukar nauyin tsaye 51104 ya zauna a kan farantin, noti mai makulli ko fin ya danne shi daga sama, fule ya biyo. Wannan notin na sama shi ke riƙe da kayan duka, saboda haka kada ka dogara da ɗauri kawai, ka huda ka sa fin. A ƙasa boris ɗaya ya isa, aikinsa hana lilo, kuma a bar sandar ta iya ɗan zamewa a cikinsa idan ta miƙe da zafi. A 51104 akwai zobe biyu, ɗaya ramin ya fi matsewa. Mai matsewar shi ke juyawa tare da sanda, mai sakin shi ke zama a kan faranti. Idan aka juya su, sandar za ta riƙa cin zoben da ke tsaye.

Kada ka ce wosha da giris za su maye gurbin wannan boris ɗin. Wosha mai tsakiyar faɗi milimita 15 daga cibiya, da guga 0.15, a ƙarƙashin 2500 N, tana cin 5.6 N·m ita kaɗai. Bukata ta tashi daga 7.7 zuwa sama da 13 saboda an ƙi sayen abin da bai kai kuɗin fule ba.

Lilo shi ma yana da iyakarsa. Kowace doguwar sanda tana da gudun da idan ta kai sai ta fara kaɗawa kamar igiyar tsalle. Taka, da boris sauƙaƙe a bakuna biyu, bai kamata ta wuce wajen 1300 a minti ba, ka ga 1400 na kai tsaye ya riga ya tsallake. A 350 kana nesa.

Sai jagora. Sukuru ɗagawa kawai ya sani, bai iya ɗaukar nauyin gefe ba. Buhu ba ya zama a tsakiya, yara za su jefa shi ne a bakin tebur, tebur ya nemi karkata. Wannan karkatar dole ta sauka a kan dogayen ƙarfe biyu na firam, ta hanyar tayoyi ko boris huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da tazarar akalla milimita 300 tsakaninsu. Shi kuma notin kada ka ɗaure shi gam da tebur. Ka bar tebur ya zauna a kan kafaɗarsa, da fin biyu da za su hana shi juyawa, da ɗan sarari na milimita ɗaya ta kowane gefe. Firam ɗin walda ba ya taɓa fitowa a miƙe ɗari bisa ɗari, zafi yana jan ƙarfe, wannan ɗan sararin shi zai shanye kuskuren. Kuma idan kana walda kusa da sandar, ka rufe ta da jiƙaƙƙen buhu, kada ka maƙala wayar as ɗinka ta yadda wuta za ta ratsa boris.

Kafin ka ɗora bel, ga gwajin da zai gaya maka gaskiyar aikin. Ka ɗora buhunan biyu, ka sa sifana a saman sandar, ka auna milimita 250 daga tsakiyar sanda, ka maƙala sikelin rataya irin na masu awon kaya a nan, ka ja a gicciye. 7.7 N·m a wannan nisan kilo 3 ne da ɗan kai. Idan sikeli ya nuna 3 zuwa 4 yayin da tebur ke hawa, komai daidai. Ka gwada a ƙasa, a tsakiya, a sama. Idan a tsakiya 3 ne amma kusa da ƙarshe ya haura 6, sandar da jagororin ba su miƙe tare ba, ka sassauta gidan boris, ka kai tebur can ƙarshen, ka bar sandar ta nemi wurinta, sannan ka ɗaure. Idan nauyin yana zuwa yana tafiya sau ɗaya a kowane juyi, sandar ce a lanƙwashe, ko an fiƙe bakinta ba a tsakiya ba. Idan ko'ina nauyi ne iri ɗaya amma ya yi yawa, ka duba boris na sama da giris.

Notin da kansa, idan tsawonsa milimita 60 ne, haƙora goma ne ke raba kayan, matsin da ke kansu kusan 1 N/mm², alhali masu ƙera su sukan ba da har 5 ga tagulla mai motsi. Nauyi ba zai kashe shi ba, ƙura da rashin mai ne za su kashe shi. Ka rufe sandar da riga mai naɗewa, ko ta tamfol ce aka ɗinka da zobban waya, sama da ƙasan noti. Duk mako a goge tsohon giris da tsumma da kananzir kafin a sa sabo, domin sabon giris a kan tsohon da ya sha ɓuntu man wasa wuƙa ne. Idan ka ga giris ɗin yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin zinariya, tagullar ce ke cinyewa a ciki. Idan bayan hawa biyar a jere ba ka iya barin tafin hannu a kan notin, a ba shi hutu a nemi dalili.

Yadda lid-sukuru ke mutuwa a aikin ɗagawa shi ne haƙoran noti su sirance har wata rana su zube gaba ɗaya, tebur ya faɗo, sandar kuma tana nan kamar sabuwa. Daga waje ba a gani. Saboda haka ka nuna wa mai injin wannan awon: a tokare tebur babu kaya, a kama notin a ɗaga shi sama a sauke ba tare da an juya ba. Sabo ɗan motsi kaɗan yake yi. Ranar da motsin ya kai milimita 1.5, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar haƙora, a canja shi. Mafi kyau ka sa noti na biyu a ƙarƙashin na farko, fin ya haɗa su don su tafi tare, da tazarar milimita 3 tsakaninsu, ba ya ɗaukar komai. Yayin da na sama ke cinyewa, tebur yana sauka kaɗan-kaɗan, tazarar tana raguwa a gaban idon kowa. Idan ta koma rabi lokacin canji ya yi, idan kuma aka yi sakaci har haƙoran suka zube, na ƙasan ne zai tare kayan.